Wasiƙar neman biyan kamashon watannin Afrilu, Mayu da Yuni

4 ga Agusta, 2025

Zuwa ga Manajan Sashen Ciniki

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na rubuto ne a kan kamashona na fentin da na sayar a madadin kamfani daga Afrilu zuwa Yuni 2025, wanda har yau ragowar naira 455,000 ba ta shigo hannuna ba. Na haɗo jerin cinikin da kwafin yarjejeniyar da muka sa wa hannu ranar 3 ga Fabrairu, 2025.

Sashe na 4 na yarjejeniyar ya ba ni kashi 5 cikin 100 na kuɗin da mai saye ya biya, bayan an cire haraji da kuɗin mota da kayan da aka dawo da su. Sashe na 5 kuma ya ce za a biya ni cikin kwana 14 bayan ƙarewar watan da kuɗin ya shiga. Ke nan wa'adin Afrilu ya cika ranar 14 ga Mayu, na Mayu ranar 14 ga Yuni, na Yuni ranar 14 ga Yuli. Duk sun wuce.

Ga lissafin, ba haraji ba kuɗin mota a ciki:

Afrilu: rasit 6, ciniki naira 3,200,000, an biya duka. Kamasho naira 160,000.

Mayu: rasit 9, ciniki naira 4,750,000. An dawo da kayan naira 150,000 saboda murafun bokitan sun fashe a hanya, na cire su, saura naira 4,600,000. Kamasho naira 230,000.

Yuni: rasit 7, ciniki naira 3,900,000. Mutum ɗaya bai biya naira 600,000 ba tukuna, saura naira 3,300,000. Kamasho naira 165,000.

Jimilla naira 555,000. An ba ni naira 100,000 ranar 20 ga Mayu a kan na Afrilu, shi ya sa ragowar ta tsaya a naira 455,000. Wancan bashi na naira 600,000 ban sa shi a lissafi ba, sai ranar da ya shigo.

Akwai abubuwa biyu da na san su ne suka riƙe biyan. Na farko, akanta ya shaida mini da baki cewa an mayar da kamasho kashi 3 tun daga Afrilu. Ban ga takardar hakan ba, ban kuma sa hannu a kanta ba. Sashe na 9 ya faɗa ƙarara cewa ba a sauya komai a yarjejeniyar sai a rubuce, da sa hannun ɓangarorin biyu. Bambancin kuwa ba ƙarami ba ne: a kashi 3 jimillar za ta koma naira 333,000, wato naira 222,000 sun tafi a kan maganar baki. In kamfani na son sabon tsari, a zauna a tattauna, ya fara aiki daga ranar da aka amince. Cinikin da aka riga aka yi yana nan a kan kashi 5.

Na biyu shi ne rasit mai lamba 0417 da mai lamba 0452, na naira 880,000 a haɗe, kamashonsu naira 44,000. Masu sayen sun tura kuɗin kai tsaye asusun kamfani ba su rubuta lambata ta wakili ba, sai aka shigar da su a matsayin cinikin ofis. Kuskure ne mai sauƙin gyara. A duba takardun oda da na fitar da kaya daga sito, sa hannuna yana kan dukansu, na kuma haɗo kwafinsu.

Ina roƙon a tura naira 455,000 asusuna da kuka saba biyana a ciki, kafin ko ranar 18 ga Agusta, 2025. In za a cire harajin da doka ta tanada daga kamashon, a ba ni takardar shaidar cirewar. Idan kuma akwai rasit ɗin da lissafinku ya saɓa da nawa, a rubuto mini lambarsa da dalili cikin kwana 7, a biya sauran da babu gardama a kansu. Kada rasit ɗaya ya tsare ashirin da ɗaya.

Na fi son mu kashe wannan magana a tsakaninmu, domin ina da niyyar ci gaba da aiki da ku. Amma in ranar ta wuce ba biya ba amsa a rubuce, zan miƙa takardun ga lauyana.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Naku,
Musa
Wakilin sayar da kaya, lamba 014

Abubuwan da aka haɗo:
1. Jerin ciniki na Afrilu zuwa Yuni 2025, rasit 22
2. Kwafin yarjejeniyar 3 ga Fabrairu, 2025, an ja layi a sashe na 4, 5 da 9
3. Takardun oda da na fitar da kaya na rasit 0417 da 0452
4. Shaidar karɓar naira 100,000 ta ranar 20 ga Mayu