Sanarwa ga masu randebu: lokacin aikinmu ya canza saboda azumi

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, barkanmu da war haka, Allah ya nuna muna watan Ramadan lafiya ya ba mu ikon ibada. Saƙon ga daga kabinen haƙori ne na unguwar Zariya nan Maradi, ni ce mai riƙe da kayen randebu a bakin ƙofa, lokotoro ya ce in rubuto muku tun da wuri. Duk wanda saƙon ga ya iske to sunanshi na cikin kaye, kuma ranar da aka ba shi ta faɗo cikin azumi.

Ba a soke randebun kowa ba, don Allah a riƙe wannan tukuna. Ranarku tana nan yadda aka rubuta muku a karne, awa ce kawai za ta motsa, sai dai masu cire haƙori ko wankin haƙori da ranarsu ka iya gusawa, zan zo kansu, kuma wanda ya ba da awans ko jika biyu ce ko biyar kuɗinshi na nan rubuce ba abin da zai taɓa su.

Ana sa ran ɗaukar azumi Laraba 18 ko Alhamis 19 ga Fabrairu 2026, ya danganta da ganin wata, to daga ranar da hukuma ta ba da sanarwa sabon tsarin ya fara aiki. Da muna buɗewa ƙarfe 8 zuwa 1, mu dawo 3 da rabi zuwa 6 da rabi na marece. Yanzu za mu buɗe 8 da rabi na safe mu rufe 1 da rabi, aikin marece babu shi sam, sai dare bayan asham daga ƙarfe 9 zuwa 11, ranakun Litinin da Laraba da Asabar. Juma'a ƙarfe 12 muke tashi saboda masallaci. Lahadi a rufe kamar kullum.

Masu randebun safe ba ku da matsala, wanda aka ba ƙarfe 8 ya zo 8 da rabi, sauran kowa ya zo kan awarshi. In dai ba cire haƙori za a yi muku ba, wannan ya koma dare, zan zo kanshi.

Masu marece su ne maganar take kansu. In aikinku ƙarami ne, dubawa ce, ko cire zare, ko radiyo, ko gwada haƙoran roba, mun maido ku safiyar wannan ranar tsakanin 11 da 1 da rabi, in Juma'a ce 11 zuwa 12. In kuwa cire haƙori ne ko wankin haƙori to dare ne, daren da ya fi kusa da ranarku cikin ukun da na faɗa. Zan kira kowa ɗaya bayan ɗaya in gaya mishi awarshi, amma ku ma in kun ga kwana biyu shiru ku taɓo ni, don wasu lambobin da ke cikin kaye na ƴaƴa ne ko na maƙwabta, sai ka yi ta kira a ce ai Baba ya tahi gona.

Abin da ya sa lokotoro ya nace a kan dare ga masu cirewa, ba don mu huta ba ne wallahi, mu ma da za mu samu mu kwanta da wuri da mun fi so. In aka cire ma mutum haƙori ƙarfe 10 na safe yana da azumi, allurar kashe zafi awa biyu zuwa uku ce ta sake shi, ana shan ruwa kuma sai wajen 7 saura na marece, ke nan zai yini da raɗaɗi ba halin haɗiye ko ƙwaya ɗaya ta maganin da aka rubuta mishi a ordinansi. Ga jini na tsatsowa cikin baki yana haɗuwa da miyau, mutum ya shiga tofarwa yana kokwanton azuminshi, tofarwar nan kuwa ita ke tuge gudan jinin da ya daskare a ramin, shi ne ke rufe ciwon, in ya fita zafin da ke biyowa ya fi na haƙorin da aka cire. Wankin haƙori shi ma injin ruwa yake fesawa cikin baki, ko ana zuƙewa da tiyo sai ka ga mutum ya ƙame wuya yana tsoron kar ɗigo ya wuce. Maganar ko yana karya azumi ko bai karyawa wannan ta malamai ce, kowa ya tambayi malaminshi, mu dai mun ga sauƙin shi ne a yi aikin da dare mutum ya ci ya sha hankalinshi kwance.

Wanda zai zo da dare ya ci abinci sosai kafin ya taso, ya goge baki. Bayan an cire za a sa muku kompres ku cije minti 30 zuwa awa ɗaya, kar a kurkure baki da ƙarfi har kwana ɗaya, ba taba, kuma da sahur don Allah a bar kunu ya huce kafin a sha. Hajiyoyinmu a taimaka a zuba ma maigida nashi daban a kwano ya sha iska, ko a dama mishi fura mai ruwa-ruwa, a tauna abinci ta ɗaya gefen. Maganin da ake sha sau uku a rana ku tuna ma lokotoro kuna azumi, shi zai tsara muku yadda za a yi tsakanin shan ruwa da sahur, kar ku haɗa biyu lokaci guda da kanku.

Masu ciwon sukari da masu tansiyo ku zo da magungunanku a leda mu gani, haka wanda ke shan maganin tsinka jini, ya faɗa tun a waya kafin ranar. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne ko kaɗan.

Yara da ba su kai azumi ba, da masu jego ko masu ciki da ba su ɗauka ba, da ƴan'uwanmu Kirista, ku safe ta fi muku, har cirewar ma ana yi muku da safe, ku dai gaya mini in bar ku a nan.

Waɗanda suka fi tsaya mini a rai mutanenmu ne na nesa, masu zuwa daga Tibiri, Madarumfa, Ɗan Isa, Gidan Rumji, har da masu tasowa daga Dakoro. Ba za mu ce ma dattijo ya hau moto ƙarfe 11 na dare da kompres a baki ya kama hanya ba. In kuna da wurin kwana cikin gari to madalla, mu sa ku farkon layi ƙarfe 9. In babu kuma haƙorin bai tayar muku da hankali, mu ɗaga zuwa satin bayan salla, kuma ku za a fara ba wuri kafin sababbin zuwa, lokotoro ya amince da haka.

Goman ƙarshe aikin dare zai tsaya 10 da rabi saboda masu zuwa tahajjud. Salla ana sa ranta wajen 20 ga Maris, ranar salla da washegari a rufe muke, daga nan mu koma tsohon tsari.

Ciwo dai bai san azumi ba, in kunci ya kumbura, ko ga zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko jini ya ƙi tsayawa bayan cirewa, kar a ce bari a jira randebu ko a jira salla, ku kira ko da rana tsaka ce. In kumburin ya gangaro wuya ko numfashi na wuya a wuce babban asibiti kai tsaye.

A yi ƙoƙari a zo kan lokaci, awa biyu ce kawai gare mu da dare, mutum huɗu ko biyar take ɗauka, wanda ya makara minti 20 ya ci lokacin na bayanshi. Wanda ya san ba zai samu zuwa ba ya sanar da ni tun da kwana ɗaya in ba wani wurin.

Ku amsa a wannan lambar da saƙon ya zo muku, ku rubuto sunanku da ranarku ku ce safe ko dare. Wanda rubutu ke ba wuya ya yi bokal, wanda ba shi da kiredi ya yi bip zan kira shi. Wanda kuma ya karɓi saƙon a madadin Inna ko Baba don Allah ya karanta musu yau ɗin nan.

Mun gode ƙwarai, Allah ya ƙara lafiya, ya karɓi ibadunmu, amin.