Bayanin Kasafin Kuɗin Fim ɗin Gaskiya Kan Shekarar Karatu a Makarantar Kurame

Muna neman tallafin dala 66,000 domin shirya fim mai tsawon minti 52, wanda zai bi ɗalibai uku na wata makarantar kurame a tsawon shekarar karatu guda. Za a ɗauki hoto na kwana 24, wato kwana takwas a kowane zango.

Share fage zai ci dala 3,000 cikin mako shida, kuma mafi yawan wannan lokaci zai tafi ne wajen zama da iyaye, domin ba za mu ɗora kyamara a kan yaro ba sai da rubutaccen izinin waliyyinsa da kuma yardar shi yaron. Darakta zai karɓi dala 9,000, furodusa kuma dala 6,000, ladan aikin wata goma sha huɗu.

Muna roƙon kwamiti ya dubi sashen tafintoci da idon basira, saboda a kansa ingancin fim ɗin ya rataya. Fassarar maganar hannu aiki ne mai gajiyarwa, shi ya sa masu yin ta kan karɓi juna bayan kamar minti ashirin zuwa talatin, don haka muka sa mutum biyu a kan dala 100 kowannensu a rana. Ɗaya zai ƙara kwana 20 tare da mai tace fim, domin wanda bai san harshen ba yana iya yanke magana a tsakiyarta bai sani ba. Jimilla dala 6,800.

Wannan dalili ne ya sa muke buƙatar masu ɗaukar hoto biyu, a kan dala 7,200. Ɗage gira kaɗai na iya mayar da jimla tambaya, saboda haka idan yara biyu suna hira, dole a ga fuska da hannuwan kowannensu a lokaci guda. Mai ɗaukar sauti zai karɓi dala 2,400, hayar kyamarori da fitilu kuma dala 4,800, wadda ta fi saye sauƙi ga aikin kwana 24.

Sufuri da masauki da abincin ma'aikata bakwai, a kan dala 40 kowane mutum a rana, sun kama dala 6,720. Ma'adanan bidiyo za su ci dala 1,080, domin za a adana kwafi uku a wurare daban-daban. Ranar da yaro ya fara rubuta sunansa ba ta maimaituwa.

Tacewa ta mako goma za ta ci dala 7,000. Gyaran launi da sauti da rubutun ƙasan allo, wanda zai bayyana har ƙarar ƙofa da kiɗa domin kurame masu kallo, dala 4,000. Inshora da binciken kuɗi daga mai bincike mai zaman kansa, dala 2,000.

Waɗannan duka sun kama dala 60,000. Mun ƙara kashi goma cikin ɗari, dala 6,000, a matsayin kuɗin ko-ta-kwana saboda rashin lafiya ko sauyin jadawalin makaranta. Ba za a taɓa su ba sai da amincewarku a rubuce, kuma abin da ya rage za a mayar muku tare da rahoton ƙarshe.