Aikin Kwas: Zantawar Jinya da Majinyaciyar da Ta Janye Jikinta Daga Mutane

Darasi: Jinyar Masu Lalurar Ƙwaƙwalwa, aji uku
Ɗaliba: Rukayya Sani
Wurin horo: ɗakin mata

Bayanin majinyaciya

Inna Hajara (na sauya sunan don kare sirrinta) mace ce mai shekara 52. Mijinta ya rasu wata takwas da suka wuce. Ta gama takaba, amma ba ta koma sana'arta ta ƙuli-ƙuli ba, ta daina zuwa biki da ta'aziyya, daga baya abinci ma sai an matsa mata. Likita ya tabbatar da ciwon damuwa mai tsanani, aka kwantar da ita, aka fara ba ta magani. A ɗaki tana zama a gefen gado ta fuskanci bango, lulluɓe da mayafi. Gaisuwa kaɗai take amsawa, ita ma da ƙyar.

Madogarar aiki

Na bi tsarin masaniyar jinya Hildegard Peplau na 1952, wanda ya ɗauki alaƙar nas da majinyaci a matsayin magani ita kanta. Matakin farko a tsarin shi ne sanin juna da gina yarda, kuma a nan muka daɗe. Mutumin da ya janye jikinsa ba ya buɗe ciki don an yi masa tambaya. Sai ya ga mutum ɗaya yana dawowa a lokacin da ya ce zai dawo. Saboda haka nake zuwa kullum bayan la'asar, na zauna minti goma, ko ta yi magana ko ba ta yi ba.

Akwai inda na bar abin da aka koya mana. Tsarin zama da majinyaci na masanin ba da shawara Gerard Egan ya ce a riƙa haɗa ido da majinyaci. A wajenmu yarinya ta ƙura wa sa'ar mahaifiyarta ido rashin kunya ne. Sai na zauna a gefenta a kan kujera 'yar tsugunno, kaina ƙasa da nata. Haka kuma ban rubuta sunkuyar da kanta a cikin alamomin ciwo ba sai da na tambayi 'yarta yadda take kafin rasuwar.

Zantawar da aka yi a mako na biyu

Ni: Inna, barka da yamma. Rukayya ce, na dawo kamar yadda na ce.

Inna: Yauwa.

(Na yi shiru kusan minti biyu. Ciwon damuwa yana rage saurin tunani da na magana, don haka duk wanda ya yi gaggawar cike shirun ya ƙwace mata damar amsawa.)

Ni: Na ga kin sha kunun yau, tuwon ne kika bari.

(Na faɗi abin da na gani. Da na ce "me ya sa ba ki ci ba?" da ta ji kamar ana tuhumarta.)

Inna: Ba ya wucewa.

Ni: Ba ya wucewa?

Inna: Tun da Malam ya tafi. Ni fa nauyi kawai na zame wa yaran nan.

A nan bakin kowane Bahaushe zai so ya ce "ki yi haƙuri, kowa ya ɗanɗana." Ta ji wannan daga dangi tsawon wata takwas, kuma abin da take fahimta da shi shi ne ta yi shiru. Na bar shi.

Ni: Kina jin kin zama nauyi a kansu. Inna, zan tambaye ki wani abu, kuma muna tambayar duk wanda ya shiga irin wannan hali. Kin taɓa tunanin kashe kanki?

Inna: Subhanallahi, a'a. Ina dai roƙon Allah ya ɗauke ni na huta.

Ni: Na gode da kika faɗa mini. Zan sanar da babbar nas da likita don mu ƙara kula da ke. Gobe bayan la'asar ina nan tafe.

Nazari

Tambayar nan ba ta cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi, kuma amsarta ta nuna tana fatan mutuwa ko da ba ta da shiri. Ban yi mata alkawarin rufe maganar ba, domin sirri yana da iyaka idan rai na cikin haɗari. Na rubuta kalamanta yadda ta faɗe su a fayil, na kai rahoto nan take.

Maganin damuwa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ga tasirinsa, kuma ƙarfin jiki na iya dawowa kafin zuciya ta sake, wato mutum ya samu ƙarfin cutar da kansa alhali yana cikin damuwar. Don haka za a ƙara sa mata ido a wannan tsakanin. Zan ci gaba da zaman la'asar, na nemi ta zaɓi abin da za ta ci da kanta, sannan idan 'yarta ta zo ziyara ranar Juma'a mu gwada fita da ita baranda tare.