Wasiƙar Miƙa Maƙala ga Babban Edita

Dutse, Jihar Jigawa
14 ga Oktoba, 2024

Zuwa ga Babban Edita,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina miƙa wa wannan mujalla maƙalarmu mai taken "Littafi a Jakar Ɗalibi: Tasirin Aron Littattafan Labarai ga Karatun Hausa a Aji Biyu na Firamare", a madadina da abokan aikina biyu, domin a duba yiwuwar buga ta.

Tambayar da muka sa a gaba ƙarama ce. Idan aka riƙa ba ɗan aji biyu aron ɗan littafin labari na Hausa ya tafi da shi gida duk mako, karatunsa zai ƙaru? Mun yi aikin a makarantun gwamnati 40 cikin ƙananan hukumomi biyu na Jigawa, a shekarar karatu ta 2023/2024. Ƙuri'a ce ta raba makarantun gida biyu: 20 suka samu littattafan, 20 suka ci gaba da darasinsu yadda suka saba. A kowace makaranta mun ɗauki yara 30, jimla 1,200. Mun auna su a farkon shekara da ƙarshenta da gwajin EGRA na Hausa, inda yaro ke karanta gajeren labari a fili, mai gwaji yana ƙirga kalmomin da ya faɗa daidai cikin minti ɗaya, sannan ya yi masa tambayoyi biyar.

Ga babban abin da muka samu. A ƙarshen shekara, yaran makarantun da aka ba littattafai suna karanta kalma 14.4 a minti ɗaya a matsakaici, takwarorinsu kuwa 9.8. Bambancin kalma 4.6 ke nan. Da muka yi lissafin la'akari da cewa makarantu aka jefa wa ƙuri'a ba ɗaiɗaikun yara ba, tazarar amincewa ta kashi 95 cikin ɗari ta kama daga 1.9 zuwa 7.3 (p = 0.001, d = 0.31). Wato da wuya a ce dace ne kawai ya haifar da wannan bambanci, amma girmansa na iya zama bai wuce kalma biyu ba, yana kuma iya kaiwa bakwai. Yaran da ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba sun kai kashi 52 cikin ɗari a makarantun kwatance, a ɗaya ɓangaren kuma kashi 41. An samu sauƙi, amma har yanzu huɗu cikin goma na yaran da suka shekara da littafi a jaka suna kallon takarda ne kawai.

Akwai kuma abin da ba mu samu ba, kuma na fi so Edita ya ji shi daga bakina tun a nan. A fahimtar abin da aka karanta, bambancin 0.2 ne cikin tambayoyi biyar, tazararsa daga -0.1 zuwa 0.5, wato ta haɗa da sifili. Ba mu da hujjar cewa fahimta ta ƙaru, kamar yadda ba mu da hujjar cewa ba ta motsa ba sam. Na ga wannan da idona ranar gwaji. Wata yarinya ta zaro littafinta daga ledar burodi da ta naɗe shi don gudun ruwa, ta nuna mana, sannan ta karanta labarin gwajin tiryan-tiryan, ba ta ko yi tuntuɓe a ɓ da ɗ da ƙ ba, inda yawancinsu ke cijewa. Da aka tambaye ta wane ne ya faɗa rijiya a labarin, sai ta yi shiru tana wasa da bakin hijabinta. Saboda haka ko'ina a cikin maƙalar "saurin karatu" muka rubuta, ba mu ce "iya karatu" ba.

Ina roƙon masu bita su tsananta a wurare uku. Cikin yara 1,200, guda 1,014 muka tarar a gwajin ƙarshe. Sauran 186 wasu sun yi ƙaura, wasu kuma shigowar damina ta ɗauke su zuwa gona. Adadin da ya ɓace kusan ɗaya ne a ɓangarorin biyu, 90 da 96, sai dai waɗanda suka ɓace sun fi rauni tun a gwajin farko, don haka alƙalumanmu sun fi dacewa da yaron da ke zuwa makaranta a kai a kai. Sai batun masu gwaji: ba mu gaya musu wace makaranta ce ta samu littattafai ba, amma yaro ba ya ɓoye abin da yake alfahari da shi, kuma yarinyar can mai leda ba ita kaɗai ba ce. Akwai kuma wani sakamako mai daɗin ji, cewa 'yan mata sun fi maza amfana. Ba ya cikin abin da muka ƙudurta aunawa tun farko, bayan an tattara bayanai muka lura da shi, shi ya sa muka tura shi rataye muka kira shi hasashe. Ɗaya daga cikin abokan aikina ya so a sa shi a tsakure, mun daɗe muna ja-in-ja kafin ya haƙura.

Game da gudummawar aikin kuwa, ga yadda muke ganinta. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yara da harshen uwa ko na muhallinsu a shekarun farko na firamare, a 2022 kuma gwamnatin tarayya ta amince a faɗaɗa hakan zuwa shekara shida. Shirin firamare na shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya gwada koyarwa da Yarabanci, kuma a nan Arewa an yi amfani da littattafan Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato. Irin waɗannan shirye-shirye kan haɗa horar da malamai da sababbin littattafai da sa ido a lokaci guda, ta yadda da wuya a ware abin da kowanne ya tsinana. Mu abu ɗaya muka canza, ba mu horar da malami ko ɗaya ba, don a ga iyakar abin da littafi shi kaɗai zai iya. Wannan ya shafi hukumar da ba ta da kuɗin babban shiri amma za ta iya buga ƙananan littattafai. Abin da aikin bai taɓa ba shi ne muhawarar Hausa ko Turanci a matsayin harshen koyarwa, domin duka ɓangarorin darasin Hausa iri ɗaya suke yi. Mun faɗi haka ƙarara a kammalawa, don kada wani ya ɗauki alƙalumanmu ya kai su inda ba su je ba.

Ba a taɓa buga wannan maƙala ba, ba ta kuma gaban wata mujalla. Mun samu izinin kwamitin ɗa'ar bincike na jami'armu da na hukumomin ilimi na ƙananan hukumomin biyu, iyaye sun amince, yaran ma an tambaye su. Dole in bayyana cewa ɗaya daga cikinmu ce ta rubuta shida daga cikin littattafai 30 da aka raba. Ba a biya ta ba, ba ta kuma sa hannu a gwaji ko lissafi ba. Bayanan, bayan an cire sunayen yara da na makarantu, tare da umarnin lissafin da muka rubuta a manhajar R, suna nan a shirye ga duk mai bitar da ya nema. Idan zai yiwu, muna so a samu masanin ƙididdiga cikin masu bitar, musamman don ya duba yadda muka yi da tarin yaran da suka ci sifili.

Na gode da lokacin da za a ba wannan aiki. Allah ya ƙara wa Edita lafiya.

Taku,
Dakta Hadiza Umar
A madadin marubuta