Rahoton Aikin Kammala Digiri: Manhajar Riƙe Lissafin Adashi a Gadarif, Sudan

Babi na 3: Tsari da dalilansa

Uwar adashi a unguwarmu da littafi take riƙe lissafi, kuma yawancin rigima daga nan take tasowa: wa ta zuba, wa ta ɗauki kwasa. Manufar aikin ita ce a mayar da littafin nan cikin waya.

Malamin da ke duba aikina ya so a ajiye bayanan a intanet. Ban bi wannan ba, kuma na gaya masa dalilina. A watan Fabrairun 2024 sadarwa ta yanke a kusan duk Sudan. Manhajar da ba ta buɗuwa sai da intanet ba za ta amfani matan nan ba. Saboda haka komai yana cikin wayar, a SQLite. Na rubuta ta da Kotlin, na sa `minSdk 21` domin tsofaffin wayoyi su ɗauka.

Rubutu ne ya fi cin lokacina. Hausawan nan da Larabci muka yi makaranta, boko kuwa ba kowa ke karanta shi ba. Don haka allon ajami ne, daga dama zuwa hagu, da salon haruffa na Harmattan, wanda ke fitar da ɗigon imala a ƙarƙashin harafi yadda ya kamata. Kowane maɓalli kuma yana da murya. Ƙanwata ce ta karanta, don an ce tawa ba ta fita.

Don kada a rubuta zubin mutum ɗaya sau biyu a zagaye guda, na kafa sharaɗin a rumbun bayanan kansa:

```
UNIQUE (mamba_id, zagaye_id)
```

Babi na 4: Gwaji da sakamako

Na rubuta gwaji 34 da JUnit kan lissafin kuɗi da jerin kwasa. Duk sun wuce, abin da ya sa na saki jiki fiye da kima.

Da iyayen adashi huɗu suka riƙe ta mako shida, sai matsala ta fito. A wayoyi uku jerin zubi ya hargitse, tawa kuwa lafiya lau. Kwana biyu ina nema. Ashe wayar da aka saita da Larabci, `String.format` yana rubuta kwanan wata da lambobin Larabci, shi kuma `date()` na SQLite bai san su ba, sai ya dawo da `NULL`. Na gyara da `Locale.ROOT`, na ƙara gwaji biyu a kai.

Bayan gyaran, lissafin manhaja ya yi daidai da littafi a ƙungiyoyi uku. A ta huɗu an sami saɓanin zubi ɗaya, da aka bi diddigi aka ga littafin ne da kuskure.

Abin da bai kammalu ba: in waya ta ɓata, bayanan sun tafi, sai in an kwafe su zuwa katin ajiya da hannu. Mace ɗaya ce cikin huɗun ta taɓa kwafewa.