Lacca Ta Bakwai: Sauyin Turba a Kimiyya da Zargin "Kowa da Gaskiyarsa"

Ɗalibai, barkanku da warhaka. A makon jiya mun tsaya kan Karl Popper da ra'ayinsa cewa kimiyya tana ci gaba ta hanyar ƙaryata hasashe. Yau za mu ɗauki mutumin da ya fi kowa tayar da ƙura a wannan fage, wato Thomas Kuhn, wanda ya rayu daga 1922 zuwa 1996. Ilimin fiziks ya karanta, daga baya ya koma tarihin kimiyya, kuma a 1962 ya fitar da littafinsa kan yadda juyin juya hali ke faruwa a kimiyya.

Yawancinmu mun taso da fahimtar cewa kimiyya kamar gini ce: kowane masani ya zo ya ɗora tubalinsa a kan na magabata, bango na ta yin sama. Kuhn ya ce tarihi bai nuna haka ba. A mafi yawan lokaci, in ji shi, masana suna aiki ne a kan turba guda da suka gada, wadda ta ƙunshi nazariyya, da kayan aiki, da misalan matsalolin da aka riga aka warware, waɗanda ɗalibi ke koyon aiki da su. Turbar ce ke faɗa musu wace tambaya ta cancanci a yi, da wace amsa za a karɓa. Idan wani sakamako ya saɓa mata, ba a yar da turbar. Akan zargi na'ura ko mai awo, ko a ajiye matsalar gefe. Sai saɓanin ya taru ya kai ga masana sun fara ɗar-ɗar, sannan wata sabuwar turba ta bayyana ta ture ta dā.

Abin da nake so ku riƙe shi ne dalilin da ya sa ya ce wannan sauyi ba ƙari ba ne a kan abin da ake da shi. Ku dubi batun ƙonewa. Masana kimiyyar sinadarai na ƙarni na 18 sun yi imani cewa abu in yana ci da wuta, wani sinadari ne mai suna fulojistan ke fita daga cikinsa. A 1774 Joseph Priestley ya tace wata iska da kyandir ke ƙara haske a cikinta, ya ɗauke ta iskar da aka zare wa fulojistan. Antoine Lavoisier ya yi aiki da wannan iskar, ya kira ta oksijin, ya ce ƙonewa haɗuwa ce da ita, babu abin da ke fita. Ba wanda zai ce an ɗora oksijin a kan fulojistan. Share fulojistan aka yi daga jerin abubuwan da ke duniya. Har hasara aka yi a hanya, domin tsohuwar turbar tana da bayanin abin da ya sa ƙarafa suka yi kama da juna, wato duk suna ɗauke da fulojistan, sabuwar kuwa ba ta da amsa a kan wannan a lokacin. Priestley ya rasu a 1804 bai sauka daga ra'ayinsa ba, kuma babu mai cewa bai iya gwaji ba.

Haka ma ma'anar kalmomi ke sauyawa. A tsarin Ptolemy rana da wata suna cikin taurari masu yawo, ƙasa kuwa tana tsaye a tsakiya. Bayan littafin Copernicus na 1543 ƙasa ta shiga jerin masu yawo, rana ta fita. A wurin Newton lokaci ɗaya ne ga kowa a ko'ina. A wurin Einstein tsawon lokacin da ke tsakanin abubuwa biyu ya danganta da motsin mai auna shi. Daga irin waɗannan misalai Kuhn ya ce turba biyu ba su da ma'auni guda da zai raba musu gardama baki ɗaya, tunda kowace da nata tambayoyin, da nata ma'anonin, da nata sharuɗɗan nasara. Ya ma kai ga cewa bayan juyin, masana suna aiki ne a wata duniya daban, ya kuma kwatanta komawa sabuwar turba da sauya aƙida.

Nan ne aka yi masa ca. Dudley Shapere ya soki littafin a 1964, Israel Scheffler ya biyo baya a 1967. A 1965 an yi taro a Landan inda Kuhn ya fuskanci Popper da mabiyansa, aka buga muƙalun a 1970. A ciki Imre Lakatos ya ce bisa bayanin Kuhn, sauyin kimiyya ya zama halayyar taron yuyuyu kawai. Hujjar masu sukar a sauƙaƙe ita ce: idan kowace turba ita ke kafa ma'aunin da za a auna ta, to kowace za ta ci jarrabawar da ta shirya wa kanta. Idan haka ne, ba za a ce ta Lavoisier ta fi ta Priestley gaskiya ba, sai dai a ce ta fi ta yawan magoya baya. Ke nan kowace al'ummar masana da gaskiyarta.

Wannan zargi ba na wasa ba ne, kuma Kuhn da bakinsa ya jawo rabinsa. Maganar "duniya daban" ta wuce gona da iri. Kalmar da ya gina littafin a kanta ma, wato turba, bai tsayar mata da ma'ana ba. Margaret Masterman, wadda ke goyon bayansa, ta ƙirga hanyoyi 21 da ya yi amfani da ita. Duk da haka ina ganin zargin bai tabbata ba.

Kafin na ce kome, ku lura da bambanci tsakanin rashin ƙa'idar da za ta yanke hukunci kai tsaye da rashin dalili kwata-kwata. A wata lacca ta 1973, wadda aka buga a 1977, Kuhn ya lissafa abubuwa biyar da masana na kowane ɓangare ke daraja: dacewa da awo, rashin tufka da warwara, faɗin abin da nazariyya ke iya bayyanawa, sauƙi, da haifar da sabon bincike. Matsalar ita ce sukan ja wurare dabam-dabam. Tsarin Copernicus bai fi na Ptolemy dacewa da awo ba a farko, shi ma cike yake da ƙananan da'irorin da ake ƙarawa don lissafi ya dace da motsin taurari. Ya fi shi kyawun bayani kan dalilin da ya sa duniyar Mas kan yi kamar tana komawa baya, amma ya ci karo da ilimin motsi na zamanin. Tycho Brahe ya ce in ƙasa na zagaya rana, ya kamata a ga taurari suna ɗan gusawa tsakanin wata shida da wata shida, kuma ba a gani ba. Hujja ce mai ƙarfi, ba a iya auna wannan gusawar ba sai a 1838, a hannun Friedrich Bessel. Saboda haka mai hankali zai iya tsayawa kowane ɓangare a shekarar 1600. Amma bayan Kepler ya nuna a 1609 cewa hanyar Mas mai siffar ƙwai ce, Galileo ya ga watannin Jufita a 1610, Newton ya haɗa komai a 1687, wurin tsayawa ya ƙare wa masu riƙe da tsohon tsari. Gardamar ta ɗauki fiye da ƙarni guda, amma hujjoji ne suka kashe ta.

Sai abu na biyu, wanda a ganina ya fi nauyi. Turba tana iya faɗi jarrabawar da ta shirya wa kanta. Da lissafin Newton Urbain Le Verrier ya hango inda wata duniya da ba a sani ba take, aka leƙa a 1846 aka ga Naftun. Shi ɗin dai ya gano cewa hanyar Makyuri tana karkacewa fiye da yadda lissafin ya bayar, sai a 1859 ya yi hasashen wata duniyar kusa da rana. An neme ta shekara da shekaru ba a same ta ba. Saɓanin ɗan mitsitsi ne: in ka raba digiri ɗaya gida 3600, kimanin 43 daga ciki a shekara ɗari. Mabiya Newton ne suka auna shi, da na'urorinsu da ma'auninsu. A 1915 nazariyyar Einstein ta fitar da wannan adadin ba tare da an ƙirƙiro wata duniya ba. Ga lamba guda da ɓangarorin biyu suka fahimta sarai, ko da ma'anar lokaci da sarari ta bambanta a wurinsu. In da kowa da gaskiyarsa, da wannan lamba ba ta dami kowa ba.

Wannan ya nuna cewa ko maganar rashin taruwar ilimi tana buƙatar gyara. Abin da ake rushewa shi ne hoton abin da duniya ta ƙunsa. Awo da lissafi da dabarun gwaji sukan tsallake. Har yau da lissafin Newton ake yin yawancin aikin aika kumbo sararin samaniya. John Worrall ya kawo misali mai kyau a 1989: Augustin Fresnel ya ɗauki haske a matsayin girgizar wani abu da ya cika sarari, an watsar da wannan abin, amma lissafinsa na yadda haske ke dawowa daga gilashi ya shiga nazariyyar Maxwell ba a taɓa shi ba.

Kada ku ɗauka an wanke Kuhn tas. A ƙarin bayanin da ya rubuta a 1969 ya ce shi mai imani ne da ci gaban kimiyya, domin nazariyyoyin baya-bayan nan sun fi na dā iya warware matsaloli. Amma ya ƙi yarda cewa suna ƙara kusantar ainihin yadda duniya take, har ya ce ta wasu fuskoki nazariyyar Einstein ta fi kusa da ta Aristotle fiye da yadda kowacensu ke kusa da ta Newton. Anan na rabu da shi. Idan kayan aiki na ƙara kaifi ƙarni bayan ƙarni, har suna hango abin da ba a taɓa gani ba, dole a tambayi daga ina kaifin ke zuwa in ba daga kama wani abu na gaskiya ba. Sai dai mai faɗin haka shi ma yana da bashi a kansa, domin Larry Laudan ya jero a 1981 nazariyyoyin da suka yi nasara a zamaninsu, daga baya aka gano abubuwan da suke magana a kai babu su. Wannan gardamar tana nan a buɗe, kuma ita za mu shiga a lacca ta takwas.

Aikinku kafin nan: shafi biyu kan Alfred Wegener, wanda a 1912 ya ce nahiyoyi suna motsi, aka yi watsi da shi har zuwa shekarun 1960. Ku nuna mini ko waɗanda suka ƙi shi suna da hujja a lokacinsu, da kuma wane awo ne ya sauya ra'ayin masana ilimin ƙasa. Malama Hadiza za ta karɓi takardunku ranar Litinin kafin ƙarfe 10 na safe.