Yadda ake gwada manhaja a cikin kwamfutar gwaji kafin a ɗora ta a ta aiki

Wannan takarda ta masu gyaran kwamfuta ce da yaran shagonsu a nan Maradi. Aikin da aka ɗauka misali kowa ya san irinsa: wani Alhaji mai shagon kayan masarufi a babbar kasuwa an kawo masa manhajar lissafin kaya a kile daga Kano, yana so a ɗora masa ita a kwamfutar da ke riƙe da bashin da yake bin mutane da takardun kwastan. Ba a san wanda ya rubuta ta ba, ba a san hannu nawa kilen ya bi ba. Irin wannan ba a fara ɗora ta a kwamfutar mai ita. A kan gina wata kwamfuta ta ƙarya a cikin ta gaske, wadda ake kira mashin birtuwel, a gwada a can. Ta gasken za mu kira ta mai masauki, ta cikin kuma baƙuwa.

Kayan da ake bukata

Mai masauki ta kasance da ram jiga 8 aƙalla. Da jiga 4 ma tana iya tashi, amma za ka wuni kana jira, shawara ita ce kada ka soma. A bar wuri jiga 60 zuwa 80 a diski, in da hali a kan SSD. Sai VirtualBox na kamfanin Oracle, kyauta ne, a ɗauko shi daga virtualbox.org kaɗai. Idan siga ta 7 ta ƙi shiga tana neman Microsoft Visual C++ Redistributable, ɗora wannan tukuna ka dawo. Sai fayil ɗin ISO na Windows daga shafin Microsoft, wanda nauyinsa ya haura jiga 5. Sauke shi sau ɗaya inda rezo ke da ƙarfi, ka adana shi. Kada a yi amfani da Windows ɗin da wani ya yi wa kwaskwarima, domin in baƙuwar tun asali ba ta da tsabta, ba za ka gane ko daga ina dattin ya fito ba.

Wanne Windows? Irin na kwamfutar Alhaji. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, amma in shi ne ke kan injin mai aikin, shi za ka gwada. Windows 11 na neman ram jiga 4, diski jiga 64 da TPM 2.0, kuma VirtualBox 7 yana iya kwaikwayon TPM ɗin.

Kafin komai buɗe Gestionnaire des tâches, shiga Performance, duba Processeur. A ƙasa akwai Virtualisation. In ka ga Activé, to madalla. In Désactivé ne, sake kunna kwamfutar ka shiga BIOS, yawanci da F10 a HP, F2 a Dell, ka kunna Intel VT-x, ko SVM Mode in AMD ce. Rashin yin wannan shi ne ke kawo saƙon nan mai ɗauke da VERR_VMX, ko VERR_SVM in AMD ce, wanda ke sa yara su zaci VirtualBox ne ya lalace.

Gina baƙuwa

Danna Nouvelle, sa mata suna Gwaji, nuna mata ISO. Ba ta ram 4096 Mo da furosesa 2, diski jiga 64 na nau'in VDI mai girma a hankali, wato ba zai cinye wurin duka a take ba. Doka ɗaya: kada ka ba baƙuwa fiye da rabin ram ɗin mai masauki. In ka zarce, mai masauki ce za ta soma kakarewa, ita kuwa in ta tsaya duk sun tsaya.

Ɗora Windows kamar kullum. Zaɓi harshe da allon rubutu daidai da na kwamfutar mai aikin, Faransanci da AZERTY in haka take. Kada ka shigar da adireshin imel naka ko na Alhaji, kada ka rubuta wata kalmar sirri ta gaske a ciki. In linzami ya maƙale a tagar baƙuwa, Ctrl na dama ne ke sako shi. Bayan Windows ya tashi, bar shi ya gama sabunta kansa, ka ɗora Additions Invité daga Périphériques don allo ya daidaita, sannan ka sauke Autoruns da TCPView daga Sysinternals na Microsoft. Buɗe Autoruns ka adana jerin abubuwan da ke tashi tare da Windows, da shi za ka kwatanta daga baya.

Idan ka ga ɗan koren kunkuru a ƙasan taga kuma komai na jan ƙafa, Hyper-V ne ya riga VirtualBox kama furosesa. Kashe Intégrité de la mémoire a Sécurité Windows na mai masauki, sannan ka buga wannan da izinin administrateur, ka sake kunnawa:

```
bcdedit /set hypervisorlaunchtype off
```

Wannan yana rage wa mai masauki wata kariya, don haka a yi shi a kwamfutar shago ta gwaji, in an gama a maido da shi ta hanyar sa auto a wurin off.

Rufe ƙofofi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Baƙuwa tana kare ka ne gwargwadon ƙofofin da ka rufe tsakaninta da mai masauki. Kashe ta, shiga Configuration.

Presse-papier partagé da Glisser-Déposer, duka biyu a mai da su Désactivé. Dossiers partagés ya fi su haɗari. Dosiyen da ka raba yana bayyana wa baƙuwa tamkar diskinta ne, kuma birus mai kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa ba ruwansa da cewa fayilolin na waje ne, duk abin da ya iya rubutawa a kai zai kulle. Wanda ya raba Documents ko diskin C: gaba ɗaya don sauƙi ya rushe gwajin da hannunsa. Ƙirƙiri sabon dosiye wanda ba komai a cikinsa sai fayil ɗin manhajar, ka raba shi da alamar Lecture seule.

Shi kansa kilen, kada ka danna komai a cikinsa a mai masauki. In ka ga dosiyoyinsa sun koma masu ɗan kibiya a gefe, birus ɗin gajerar hanya ne da ya cika kilen sibar, danna ɗaya ya isa ya tashe shi. Kwafo fayil ɗin ɗorawa shi kaɗai, ka cire kilen.

Sai Réseau. Mutane da yawa na zaton NAT ya killace baƙuwa. Yana hana na waje shigo mata, amma ita tana iya fita, ta kai intanet, ta kai har sauran kwamfutocin da ke kan wifi ɗaya da kai. Accès par pont kuwa ya fi muni, yana zaunar da ita a rezon shago kamar kowace kwamfuta. Zagayen farko a yi shi a kan Aucun accès.

Yanzu ɗauki hoton halin da take ciki, abin da VirtualBox ke kira Instantané. Ɗauke shi tana kashe, ya fi ƙanƙanta. Ko ta maɓallin Prendre, ko ta haka a mai masauki, daga cikin dosiyen C:\Program Files\Oracle\VirtualBox:

```
VBoxManage snapshot "Gwaji" take "tsabta"
VBoxManage snapshot "Gwaji" restore "tsabta"
```

Layi na farko yana ɗauka, na biyu, wanda sai tana kashe yake aiki, yana maido da ita yadda take ranar da aka ɗauka. Da wannan hoton ba sai ka sake ɗora Windows a kowane gwaji ba.

Gwajin kansa

Fara da ɗaukar shaidar fayil ɗin, ka rubuta ta a littafin shago:

```
certutil -hashfile setup.exe SHA256
```

Kana iya neman wannan lamba a VirusTotal ka ga ko an taɓa kama shi. Fayil ɗin ɗorawa ana iya aika shi can, amma takardun abokin ciniki a'a, don abin da aka aika wasu na iya gani.

Kunna baƙuwa, kwafo fayil ɗin zuwa teburinta, ka ɗora. Karanta kowane allo, kada ka yi ta danna Suivant ido rufe. Manhajar lissafin shinkafa da sukari ba ta da dalilin cewa ka kashe Windows Defender. In ta nemi haka, ko ta zo da wani ɗan fayil na fasa lasisi, gwaji ya ƙare, amsa ta fito. In ta shiga lafiya, sake kunna baƙuwa sau biyu, buɗe Autoruns ka kwatanta da jerin da ka adana. Sabon abu mai sunan manhajar ba laifi ba ne. Wanda ba shi da sunan mai shi, yana zaune a AppData ko Temp, shi ne abin tuhuma. Duba furosesa ma: in ba ka taɓa komai ba amma yana sama da kashi 80 na tsawon mintoci, wani abu na aiki a ɓoye.

Daga nan yi aikin gaske da bayanan ƙirƙira. Shigar da kaya 20, sayar, bayar da bashi, fitar da rasit. Manhajar da aka rubuta don Najeriya takan zo da alamar naira, ka tabbata ana iya mai da ita sefa. Akwai kuma matsalar da ba a lura da ita sai ta yi ɓarna: Windows na Faransanci yana raba lamba da waƙafi, na Ingilishi da ɗigo. Rubuta 12,5 ka gani ko ta karɓa daidai, ko ta mai da shi 125. Yi ajiyar bayanai, goge, maido, ka ga ko ajiyar na aiki. Tunda wutarmu takan ɗauke ba sallama, musamman lokacin bazara, gwada wannan ma: ana tsakiyar shigar da ciniki ka rufe tagar baƙuwa da Éteindre la machine, ka sake kunnawa ka duba ko lissafin ya tsira. Wannan gwajin ya fi duk sauran amfani ga ɗan kasuwa.

Zagaye na biyu, cire sauran kwamfutoci daga rezon, mai da ita NAT, buɗe TCPView ka zuba ido. Tuntuɓar shafin masu ita don lasisi daidai ne. Tuntuɓar adireshi barkatai ba tsayawa ba daidai ba ne. Bar ta a kunne na awanni, don wasu ba sa motsi nan take.

Abin da gwajin ba ya gani

Wasu birus suna gane suna cikin baƙuwa, sai su yi lamo. Saboda haka manhajar da ba a san asalinta ba, ko ta wuce gwaji, zargi bai sauka daga kanta gaba ɗaya ba. Firinta da na'urar karanta lambar kaya ba lalle su yi aiki a ciki kamar a waje ba. In lasisin na kwamfuta ɗaya ne, kada ka ƙona shi a baƙuwa, yi amfani da sigar gwaji. Hotuna kuma suna kumbura suna cin diski, ka goge waɗanda ba ka bukata daga cikin VirtualBox da Supprimer, kada ka taɓa fayilolinsu da hannu, don kowanne na dogara da wanda aka ɗauka kafin shi.

In ta faɗi gwaji, maido da tsabta, ka gaya wa Alhaji abin da ka gani dalla-dalla. In ta wuce, kwafe takardunsa zuwa diskin waje ka cire shi, yi Point de restauration a kwamfutarsa, ka sake buga certutil a kan fayil ɗin da za ka ɗora. Sai lambar ta yi daidai da wadda ke littafi harafi da harafi sannan ka danna shi.